Ruwa Biyu a Huhu

Ni 'yar Danchadi ce, aure ya kai ni Bodinga. A shekarar da aka sauke tutar Turawa na haifi ɗana na uku, kuma a jegonsa ne na leƙa kabari na dawo.

An yi mini abin da ake yi wa kowace mai jego. Wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, kunun kanwa ƙwarya cike. Bayan suna ƙafafuna suka fara kumbura. In na danna da yatsa sai rami ya zauna, ya daɗe bai cike ba. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ni, aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa. Kumburi ya hau har ciki. Daga ɗaki zuwa madafa sai na tsaya na huta. Daga nan kwanciya ta gagare ni. Da na miƙe sai in ji kamar an danna kaina cikin randa. A kan turmi nake zama, ƙafafu a ƙasa, baya a jikin bango, a nan kaɗai nake samun numfashi. Ranar da na yi tari kumfa ta fito da ja-ja a cikinta, mijina ya ɗora ni a motar albasa zuwa asibitin birni.

Can aka ɗauki hoton ƙirjina. Wani malamin asibiti, mutumin Argungu, ya ɗaga hoton a taga ya nuna mini. Ya ce ga zuciyata nan, ta buɗe ta yi kamar tulu, ta gaji, ruwa ya taru a huhu. Aka sa mini iska daga wata doguwar tukunyar ƙarfe, aka ba ni ƙananan ƙwayoyi farare na zuciya, aka yi mini allura a ɗuwawu. Kafin la'asar fitsari ya ɓalle mini. Ban taɓa sanin jikin mutum yana ɗaukar ruwa haka ba. Ina yi ƙirjina yana buɗewa. Kafin mako ya zagayo na kwanta rigingine na yi barci. Aka hana ni kanwa da gishiri mai yawa, aka ce su ke riƙe ruwa a jiki, wutar gado kuma tana ƙara wa zuciya aiki.

Na dawo Bodinga da ƙafata. Mutanen da suka riga suka yi mini kuka suka zo kallo. Na ba da labarin allurar, wanda ya ji ya ba wani, har ta yi suna: allurar fitsari. Daga nan duk mai jegon da ta kumbura tana haki, daga Danchadi har Shagari, ni ake aiko wa. In je in danna ƙafa, in duba wuya in ga jijiya ta tashi, in ce a nemo mota. Ba duka suka dawo ba. Da yawa sun dawo.

Ina da ƙanwa, autarmu. Ni na goye ta bayan rasuwar innarmu. Ta yi aure a Lambara, mijinta manomin albasa ne, mutum mai shiru, yana sonta ƙwarai. Bayan 'yan shekaru da ciwona ta samu ciki na fari. Arewa tana jiha guda a lokacin, sojoji ba su karɓi mulki ba tukuna.

Naƙudarta ta yi tsawo. Ɗiya ta fito lafiya, mabiyiya ta ƙi. Ungozoma ta sa hannu ta jawo ta, ta fito a yage. Na iso washegari, na tarar an riga an hura wutar gado an dama kunu. Na ɗauke ƙwaryar.

Surukarta ta ce, "Ke barka kinka zo ko mulki? Mu da kanwa anka tashe mu."

Na ce, "Ni da kanwa anka kusa rufe ni, Inna."

Ta ce, "To likitan Bodinga, Allah shi ba da sa'a."

Kafin suna masassara ta kama ƙanwata. Jiki kamar garwashi, tana rawar ɗari, jinin biƙi ya canza wari. Duk wanda ya shiga ɗakin ya ji, ba wanda ya faɗa. Aka jiƙa saiwoyi aka ba ta. Kwana ya kewayo, sai numfashi ya fara gudu. Da safe tana magana, da azahar sai ta yanke kalma biyu ta huta. Leɓɓanta suka yi toka-toka.

Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba saboda ina ciki. Ya ce, "Yaya, irin naki ne ya taho mata."

Na danna ƙafarta. Ba rami. Ƙafa siririya kamar ta budurwa. Na duba wuya, a kwance yake. Na zaunar da ita a kan turmi, na saukar da ƙafafunta kamar yadda na yi wa kaina. Bai rage mata komai ba. Ni sai da na yi makonni ina kumbura kafin numfashi ya ƙwace, kuma hannuwana sanyi suke yi. Ita jiya-jiya ne, kuma tana ƙuna. Na ga wannan duka. Ban san abin da yake nufi ba. Na ce a nemo mota.

Muka bar jaririya wurin surukar. A jaki aka kai ta bakin hanya a Shagari, muka samu motar kaya mai zuwa birni.

Malamin Argungun nan yana nan, furfura ta fito masa. Ya gane ni.

"A'a, mai tulu! Wa kinka kawo muna yau?"

"Ƙanwata ce, Malam."

Ya dube ta, dariyar ta tsaya.

Likitan sabo ne, ɗan ƙasa, daga can kudancin jihar, Hausarsa gajera. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinta gaba da baya. Ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya sake ɗaurawa. Ya danna mararta ta yi ƙara. Aka yi hoto. Aka shiga da ita aka fitar da guntun mabiyiya da ya ruɓe a ciki. Aka fara yi mata allurar fenisilin, aka sa mata iskar tukunya a hanci. Sai kuma aka rataya kwalbar ruwa, aka soka mata a hannu, yana ɗiga a hankali.

Mijinta ya ga kwalbar ta taga. Ya same ni a baranda.

"Yaya, mi sunka ce yana ga ƙirjinta?"

"Ruwa."

"To wancan mi ne?"

"Ruwa."

"Mutum shina nutsewa, a ƙara mai ruwa? Ina allurar?"

Ni ma tambayar da ke bakina ke nan. Na tare malamin da ya fito. Na ce a yi mata abin da aka yi mini, ba mu zo don wani abu ba.

Ya ja mu ƙarƙashin wata bishiya a harabar, ya kawo hoton. Ya ɗaga shi a rana.

"Ke kin ga naki. Ina tulu a nan?"

Babu. Zuciyar 'yar daidai ce. Amma huhun duka biyu sun yi fari, dabbare-dabbare, kamar an watsa auduga.

Ya juya ga mijin. "Kai mai lambu ne ko?"

"I."

"To saurara. Huhu cike yake da 'yan hanyoyin jini, sirara, sun fi gashi. Jini shina bi ta cikinsu shi ɗauki iska, shi wuce ga zuciya, ita ta tura shi gaba. Ka ɗauka hanyar ruwanka ce ta lambu. In gaba ta toshe, ruwa ba ya wucewa, mi ka faruwa?"

"Shi taru, shi haura gefe."

"Gefen ya lalace?"

"A'a. Yawa ne."

"Shi ne ciwon yayarku. Zuciya ta kasa kwashewa, jini ya taru baya, ya matsa, ruwa tsararo ya tsattsafo cikin huhu. Anka rage ruwan jiki ta fitsari, anka ƙarfafa zuciya, matsi ya sauka, huhu ya bushe. To yanzu ka ɗauka gaba a buɗe take, ruwa ma kaɗan ne, amma gara ta cinye gefen hanya ta yi huji ko'ina."

Mijin ya ce, "Shi zube, da laka da komi."

"Shi ne na matarka. Dafin ruɓar da ke cikin mahaifa ya shiga jini, ya huda hanyoyin nan. Abin da ka zuba cikin huhunta ba tsararon ruwa ba ne, mai kauri ne, mai danƙo. Ya cika gurbin iska. Shi ya sa ka ga ana ba ta iska, leɓe bai koma ja ba sosai. Zuciyarta lafiya lau, gudu ma takai. Jijiyoyinta kuma sun kusa bushewa, don ruwan ya tsere daga cikinsu. Awon jininta ya faɗi, fitsari ya kusa tsayawa. In anka yi mata allurar fitsari yanzu, ɗan abin da ya rage cikin jijiya za ta nema ta kwashe, ƙoda ta mutu, huji kuma shina nan. Wancan ruwan na kwalba, kaɗan-kaɗan likita ka ba ta, don kada jini shi tsaya. In ya yi yawa shi ma huhu za shi. Tsakanin biyu muke tafiya."

Na ce, "To mi ka toshe hujin?"

"A kashe dafin. Sauran jiki ka yi da kansa, in ta jure."

"Tana jurewa?"

Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Kaɗan ka tashi. Amma akwai masu tashi."

Mijin ya ce, "Mi ne sunan ciwon?"

Malam ya ce shi ma ya riga ya tambayi likita, likita ya ce ko a littattafansu ba a tsayar masa da suna guda ba. Ana ganinsa bayan ƙuna, bayan mugun rauni, bayan ruɓa irin wannan.

Wannan maganar ce ta ɓata komai. Na ga fuskar mijin lokacin da ya ji ta.

Ni na yarda da malam, ba don lambunsa ba. Na yarda don ƙafar da na danna. Kuma da yamma na tafi famfo wanke tsumman da nake share mata baki. Nawa, a wancan lokacin, ruwa ɗaya yake fita. Nata ya bushe ya yi tauri kamar an sa masa koko, rawaya-rawaya da ɗan jini. Sai da na cuɗa.

Wata mai shara a ɗakin mata ta gan ni ina jujjuya tsumman. Ta ce, "Baiwar Allah, duba kikai ko wanki?"

Na ce, "In kin iya duban, zo ki karɓa."

Ta ce, "Ni tsintsiya ta ishe ni." Ta matsa mini na shanya.

Ƙanwata ba ta barci. Numfashi sama-sama, da sauri, kamar na tsuntsun da aka kama. Ramin wuyanta yana shiga yana fita. In robar hancin ta goce sai idonta ya firfito, in mayar. Ta kama zanena.

"Yaya... ɗiyar... ta sha?"

"Ta sha. Matar wan mijinki ka ba ta."

"Allurar... taki..."

"Naki ba irin nawa ba ne. Yi shiru ki ja iska."

Ta dube ni. Tun tana ƙarama take jin labarin allurar nan daga bakina. Ban san ko ta yarda ba.

Da safe 'yan Lambara suka iso, wan mijin da wani kawunsu. Suka zauna da shi a ƙarƙashin bishiyar. Ban ji farkon maganar ba, na ji ƙarshenta. Kawun yana cewa likita yaro ne, ba ɗan yankin nan ba ne, ya faɗa da bakinsa bai san sunan ciwo ba. Wan yana cewa ruwa ruwa ne, ba a taɓa jin ruwa biyu ba. Kuma akwai wani a bayan kasuwar Bodinga, ya taɓa aikin shara a wani asibiti, yana da allurar a gida, yana yi wa mutane.

Na tsaya a kansu. Ban durƙusa ba.

Na ce, "Kawu, ni ce anka yi wa allurar. Ni ka gaya muku ba ita ba ce."

Kawun ya ce, "Ke kin sha kin warke, ki hana 'yar'uwarki? Wane irin ciki gare ki?"

"Ƙafarta ba ta kumbura ba."

"Ƙafa munka kawo ko ƙirji?"

Wan ya yi 'yar dariya. Mijin bai yi ba. Ya ce, kansa a ƙasa, "Yaya, jiya da yau, ta samu sauƙi?"

"A'a."

"Ke da anka yi miki, kin kai la'asar ba ki samu sauƙi ba?"

"Ban kai ba."

"To."

Na ce, "In kunka cire ta daga iskar nan ba ta kai Lambara."

Ya ce, "Bodinga za mu."

Likita ya fito da kansa. Da 'yar Hausarsa ya ce masassara ta ɗan sauka, a ba shi lokaci, bai yi alkawari ba amma a ba shi lokaci. Malam ya ƙara da tasa, har ya ɗaga murya, ya ce wa kawun da girmansa zai ɗauki alhakin rai. Kawun ya ce rai na Allah ne. Mace ta mijinta ce, asibiti ba gidan yari ba ne. Aka zare allurar hannu, aka cire robar hanci.

Malam ya raka mu bakin ƙofa. Ya ce mini a hankali, "Ki riƙe ta a zaune. Ki jiƙa mata baki." Bai kira ni mai tulu ba.

Da na so, ina iya zama a birni in ce ba ni a ciki. Na hau motar.

Tun kafin mu fita gari leɓɓanta suka koma shuɗi kamar baban rini. Na zaunar da ita a jikina a kan buhuna, bayanta a ƙirjina. Ina jin zuciyarta tana bugun hannuna da ƙarfi, da sauri, ba gajiya a cikinta. Tawa a wancan lokacin lugub take. Yaron mota ya ba mu tabarma muka kare rana. Ba ta ƙara magana ba sai sau ɗaya, ta ce ƙishi.

Gidana aka sauke ta. Mijina ya ba su zaure, ya tsaya gefe, don ba shi da ta cewa a kan matar wani. Aka kira mai allurar. Ya zo da 'yar jaka da farar riga da ta sha jiki. Bai taɓa ƙafarta ba, bai duba wuya ba. Ya ji hakin daga ƙofa ya ce, "Ruwa ne. Yanzu za ta zubar da shi."

Na ce, "Ka san iri nawa ne ruwan?"

Ya dubi mazan. "Wagga ita ce uwar gida?"

Kawun ya ce, "Yi aikinka, Malam."

Ya yi. Na riƙe ta, don in ban riƙe ba wani zai riƙe, kuma ba zai iya ba.

Aka shimfiɗa tsummoki a ƙarƙashinta. Mazan suka koma zaure suna jiran fitsari ya taho. Lokaci-lokaci mijin yana zuwa bakin ƙofa.

"Yaya, ya taho?"

"A'a."

Azahar ta wuce. Na sa hannu, tsumma a bushe. Zafin jikinta ya tafi, hannuwa suka yi sanyi, gumi ya feso a goshi. Bugun da nake ji ya koma siriri. Na ɗiga mata ruwa a baki da yatsa. Maƙwabciyata ta shigo ta zauna tana yi mata kalmar shahada a kunne.

"Yaya, ya taho?"

"Shigo," na ce.

Ya shigo, karo na farko da ya zauna a ɗaki ɗaya da ni. Ya kama ƙafarta. Numfashin ya fara tsallake, ya yi, ya tsaya, ya yi. Ana kiran la'asar a masallacin kasuwa ya tsaya bai dawo ba. Kumfa ta biyo ta hanci, na share.

Ni na yi mata wanka, da maƙwabciyar. Ba a kai ta Lambara ba, a Bodinga aka rufe ta kafin magariba. Mai allurar bai zo jana'iza ba. Kawun ya ce an makara ne, da tun farko nan aka kawo ta. Wan ya ce haka ne.

Da za su tafi mijin ya dawo shi kaɗai ya tsaya a ƙofar ɗakina, ƙasar kabari a gwiwoyinsa.

"Yaya."

"Na'am."

"Da mun bar ta can fa?"

Na so in ce masa kwana ne ya ƙare. Shi ake faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ba shi ya tambaya ba.

Na ce, "Ban sani ba. Likita ma ya ce bai sani ba. Can tana da iska, kuma masassara ta fara sauka. Nan ba ta da komi."

Ya daɗe a tsaye. Wan ya kira shi daga waje, mota za ta tashi. Ya sa takalminsa ya bi su.